Jinin mutum da jan ƙullin saiwar wake: rajistar aikina da BLAST

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Jiya a gonar Baffa na tuge wake guda, na fasa ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa da farce. Cikinsu ja-ja ne, kamar naman da bai gama dahuwa ba. Furotin ɗin da ke ba su wannan launin shi ne leghimogulobin, kuma aikinsa kama iskar oksijin, domin ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a ƙullin suna buƙatar oksijin don numfashi, amma idan ta yi yawa takan kashe sinadarin da suke kama naitirojin da shi. Littattafai sun ce ɗan'uwan himogulobin ɗin jininmu ne. Na kai wa Malam maganar, sai ya ce: "To ki nuna mini da jerin haruffansu kawai, kada ki kawo mini hoton siffa. Kuma duk lambar da za ki rubuta, ki tabbata za ki iya gaya mini daga ina ta fito." Wannan shi ne aikin, kuma in ya yi kyau zai zama darasin gwaji ga 'yan aji huɗu.

Na sauko da jeri huɗu daga UniProt, ma'ajiyar jerin furotin da ke intanet: sarƙar beta ta himogulobin ɗin mutum (P68871, haruffa 147), sarƙar alfa (P69905, haruffa 142), mayogulobin ɗin tsokar mutum (P02144, haruffa 154), da leghimogulobin na waken suya (P02238), wanda zan fara da shi kafin in koma kan namu waken. Kowane harafi amino asid guda ne daga cikin ashirin ɗin da ake gina furotin da su. Na kuma sauko da fayil ɗin Swiss-Prot, sashen UniProt da aka tantance, baki ɗaya da dare, lokacin da data ke araha, na mayar da shi rumbun da BLAST, manhajar neman jeri masu kama da juna, zai iya bincika:

```
makeblastdb -in uniprot_sprot.fasta -dbtype prot -out sprot
```

Jeri kusan 570,000 ne a ciki, haruffa kimanin miliyan 200. Na rubuta wannan adadin a bangon littafi don Malam ya ce zan dawo gare shi.

Laraba, 6 ga Agusta

Yau ban taɓa kwamfuta ba sai da yamma. Na ɗauki takarda mai gida-gida na ɗora farkon alfa a kan farkon beta:

```
alfa  LSPADKTNVKAAWGKVGAHAGEYGAEALERM
beta  LTPEEKSAVTALWGKV--NVDEVGGEALGRL
```

Makin kowane gida ana duba shi ne a jadawalin BLOSUM62, wanda Steven da Jorja Henikoff suka fitar a 1992 daga ƙirga irin musanyar da ake samu a furotin masu dangantaka. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne dacewa ba duka ɗaya take ba. L a kan L maki 4 ne, amma W a kan W maki 11. Dalilin shi ne lusin ya cika ko'ina, kusan harafi ɗaya cikin goma, don haka biyu su haɗu ba wani labari ba ne, shi kuwa tiriftofan da wuya ake ganinsa, kusan ɗaya cikin ɗari, to idan biyu suka zo wuri guda da wuya a ce katari ne. Haka kuma rashin dacewa ba duka ne hasara ba: D a kan E maki 2 ne, don dukansu asid ne masu kama da juna, S a kan T maki 1, amma N a kan A ana cire 2.

Na tara gidaje goma sha shida na farko, daga L zuwa V: 4, 1, 7, −1, 2, 5, 1, −2, 4, −1, 4, −1, 11, 6, 5, 4. Jimla 49. Daga nan alfa yana da G da A waɗanda beta ba shi da su, dole a buɗe giɓi. BLAST yana cajin 11 don buɗewa, da 1 a kan kowane gida, giɓin gida biyu ke nan ya ci 13. Gidaje goma sha ukun da suka biyo baya suka kawo 28. Saboda haka 49 a cire 13 a ƙara 28, an samu 64. Giɓin ya biya kuɗinsa. Da abin da ke gaba bai kai 13 ba, da daidaitawar ta tsaya a V ɗin nan ba ta wuce ba.

Wannan tsayawar ita ce bambancin hanyoyi biyun da muka haddace don jarrabawa ba tare da mun gane ba. Ta Needleman da Wunsch, ta 1970, tana tilasta jeri biyu su daidaita daga kai har wutsiya ko sun so ko sun ƙi. Ta Smith da Waterman, ta 1981, tana neman yankin da ya fi kowane maki ne kawai ta yar da sauran. Da yamma na ba `needle` na EMBOSS, manhajar da ke bin hanya ta farko, jerin biyu cikakku, ya ba ni 65 cikin 149 iri ɗaya, kashi 43.6. `blastp`, wato BLAST na furotin, ya ba ni 63 cikin 145, don ya datse bakin farko da na ƙarshe inda babu riba.

Wani abu a gefe, tunda a gidanmu akwai masu sikila. Canjin da ke kawo ta shi ne E ya koma V a gida na shida na beta. A fayil ɗin UniProt gida na bakwai ne, don su suna ƙirgawa da M ɗin farko wanda jiki ke cirewa daga baya, kuma sai da na ɓata minti goma ina neman kuskuren da babu. A jadawali E a kan E 5 ne, E a kan V −2. Maki bakwai ke nan aka rasa cikin ɗari bakwai da ɗoriya. Daidaitawa ba ta san ciwo ba, asali take aunawa.

Alhamis, 7 ga Agusta

Bincike na farko a rumbu:

```
blastp -query hbb.fasta -db sprot -outfmt 6 -out hbb.tsv
grep MYG_HUMAN hbb.tsv
```

Babu komai. Na nemi LGB, wato sunan da leghimogulobin ke farawa da shi a Swiss-Prot, shi ma babu. Na kwana da tunanin ko rumbun ne bai sauko daidai ba.

Litinin, 11 ga Agusta

Laifina ne. Na ƙirga jerin da suka fito, 500 cif. `blastp` yana tsayawa ne a jeri 500 idan ba a ce masa komai ba, Swiss-Prot kuwa cike yake da himogulobin na birai, shanu, tsuntsaye, kifaye da kadoji, su suka cinye gurbin tun kafin layi ya zo kan mayogulobin. Na ƙara `-max_target_seqs 5000`, sai ga shi ya fito, can ƙasa, da maki bit arba'in da 'yan kai, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haruffan ne kawai iri ɗaya. Zan sa wannan a darasin, don duk wanda ya ga fayil ya ƙare a adadi mai kyan gani irin 500 ya kamata ya yi zargin an datse masa ne.

Leghimogulobin dai babu wanda ya sauko ƙasa da 0.001 a gidan `evalue`. Kafin in yanke hukunci a kansa sai na san me wannan gidan yake faɗa.

Talata, 12 ga Agusta

Abin da na ɗauka tun muna aji uku shi ne E, wato lambar gidan `evalue`, yana nufin yiwuwar cewa sakamakon ƙarya ne. Na faɗa wa Malam haka, ya ce: "In yiwuwa ce, yaya aka yi kika ga 8.5 a ƙasan fayil ɗinki? Akwai yiwuwar da ta wuce ɗaya?" Na yi shiru.

E adadi ne, ba yiwuwa ba. Shi ne yawan daidaitawar da ake sa ran samu masu maki kamar wannan ko fiye, da a ce rumbun nan, da girmansa ɗin nan, babu ɗan'uwan jerinka ko ɗaya a ciki, haruffa ne kawai aka watsa. Samuel Karlin da Stephen Altschul ne suka kafa lissafin a 1990, shekarar da BLAST ya fito:

```
E  = K * m * n * e^(-λS)
S' = (λS - ln K) / ln 2
E  = m * n * 2^(-S')
```

A nan m tsawon jerin da kake tambaya da shi ne, n jimlar haruffan rumbu, S ɗanyen makin da na tara da hannu ranar Laraba. λ da K lambobi ne da suka dogara da jadawali da farashin giɓi, kuma ga BLOSUM62 da giɓin 11 da 1, λ 0.267 ne, K 0.041. Layi na biyu yana mayar da ɗanyen maki zuwa bit, wato ma'aunin da ya riga ya haɗiye λ da K, shi ya sa ake iya gwada bit na wannan bincike da na wancan. Layi na uku shi ne wanda ya buɗe mini ido. Duk bit ɗaya da aka ƙara yana raba E biyu. Bit goma suna raba shi kusan dubu. Haka nan idan rumbu ya ninka, E ya ninka.

Na gwada da gidajen nan goma sha shida na farko. Tara daga ciki iri ɗaya ne, kashi 56, abin da in ka gani a allo za ka ce ai magana ta ƙare. Ɗanyen maki 49 ya zama bit 23.5. Filin binciken kuwa 147 sau miliyan 200, wato kusan biliyan 29.4. Idan aka raba wannan da 2 mai ƙarfin 23.5, wanda ya kusa miliyan 12, ana samun kusan 2,500. Ma'ana, da wannan gutsuren kaɗai na gani, to rumbun da babu dangi a cikinsa ma zai iya ba ni irinsa dubu biyu da ɗari biyar. Daga yau na daina kallon gidan `pident`, wato kashin haruffan da suka zo iri ɗaya, shi kaɗai. Cikakken alfa da beta kashi 43 ne kawai, ƙasa da na gutsuren, amma a kan gidaje 145, bit 114, kuma lissafin takarda ya ba ni E wajen 1e-24, wato ɗaya a raba da ɗaya mai sifili ashirin da huɗu.

Dangantakarsa da yiwuwa tana nan, amma ta wata ƙofa. Yiwuwar samun aƙalla guda ɗaya ta katari ita ce `P = 1 - e^(-E)`. In E 1 ne, P 0.63 ne. In E 5 ne, 0.993, in 10 ne, 0.99995. Da P ake bugawa, da 5 da 10 sun zama kamar abu ɗaya. Idan E ya yi ƙasa da 0.01, shi da P kusan ɗaya suke, kuma ina jin daga nan ruɗanin namu ya samo asali. Ko a can ɗin ma, P yana magana ne a kan abin da katari zai iya haifarwa, ba a kan ko wannan jerin da ke gabanka ɗan'uwa ne ko bare ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Lambar da BLAST ya buga wa alfa ta fi tawa ƙanƙanta da sifili da dama, na zaci na yi kuskuren lissafi. Ban yi ba. Lissafin takarda yana ɗauka daidaitawa za ta iya farawa daga kowane gida na jeri, alhali mai tsawon gida 145 ba za ta iya farawa a gida na ɗari na jeri mai 147 ba, hanya za ta ƙare mata. BLAST yana rage filin saboda wannan, kuma ragin ya fi tasiri idan jerin gajere ne kamar namu. Yana kuma ɗan gyara jadawalin gwargwadon irin haruffan da suka yi yawa a jerin biyu. Don haka lambobin da zan rubuta nan ƙasa na takarda ne, a ɗauke su a matsayin awon hannu, ba abin da allo zai nuna daidai ba.

Mayogulobin ne ya fi koyar da ni. Na ɗauki bit 44, kuma 2 mai ƙarfin 44 ya kai kusan tiriliyan 17.6. Idan jeri biyun kawai na gwada da juna, filin 147 sau 154 ne, 22,638, E ya zama wajen 1e-09. Idan a furotin ɗin ɗan'adam kaɗai na nema, jeri dubu ashirin da 'yan kai masu haruffa kusan miliyan 11, E ya haura zuwa wajen 0.0001. A Swiss-Prot duka, wajen 0.002. Sai na ce bari in ga rumbun da ya ninka wannan sau dubu, irin girman da `nr` na NCBI yake kaiwa. Ba sai na sauko da shi ba, kwamfutata ma ba za ta ɗauka ba, akwai hanyar ce wa BLAST ya yi lissafi kamar girman ke nan:

```
blastp -query hbb.fasta -db sprot -dbsize 200000000000 \
  -max_target_seqs 5000 -outfmt 6 | grep MYG_HUMAN
```

Bit bai motsa ba, daidaitawar ba ta canza ko harafi ɗaya ba, amma E ya ninka kusan sau dubu. A takarda ya zama 1.7, wato abin da kowa zai ce shara ne ya wuce. Furotin biyun nan kuwa 'yan'uwa ne tabbas, tun aikin John Kendrew da Max Perutz a Kambirij, wanda ya ba su kyautar Nobel a 1962, aka ga naɗinsu iri ɗaya ne.

Na yi wa ƙanwata bayanin da dare da misalin takwara. Idan a ƙauyenmu na ji wani sunansa Sani Musa Abdullahi, kuma sunan Baffa ke nan, zan tsaya in tambayi gidansu, don a mutum ɗari biyar da wuya sunaye uku su haɗu haka kawai. Idan a rajistar masu zaɓe ta Kano na gan shi, ba zan ko ɗaga kai ba, irinsa suna da yawa. Sunan bai canza ba, taron da na nema a ciki ne ya canza. Kuma wanda na gani a Kano ɗin zai iya zama ɗan'uwanmu na gaske, sunan ne kawai bai isa hujja a can ba. Ta ce ai wannan ko ita ta sani. Na ce to ni sai da na yi digiri.

Abin da zan aikata da wannan: duk E da zan rubuta a rahoto, zan haɗa shi da sunan rumbu, da ranar da na sauko da shi, da bit. Kuma idan tambayata a kan tsirrai ce, babu dalilin nema a rumbun duniya baki ɗaya in jawo wa kaina sifili uku a banza. Sai dai akwai haɗari ta ɗaya gefen. Mutum ya bincika babban rumbu, ya zaɓo wanda ya yi masa, sannan ya gwada su biyu kaɗai ya rubuta 1e-09, wannan maguɗi ne ko da bai yi niyya ba, don zaɓen da ya yi a cikin miliyoyi ya yi shi.

Talata, 19 ga Agusta

Na so in ga katarin da idona. Na gauraya haruffan beta sau ɗari, kowane jeri da haruffa iri ɗaya da na asali amma a hargitse, yadda ba shi da dangi a duniya:

```
shuffleseq -sequence hbb.fasta -shuffle 100 -outseq gauraye.fasta
blastp -query gauraye.fasta -db sprot -outfmt 6 -out gauraye.tsv
```

Yawancinsu sun samo wani abu. Sunaye masu daɗi ma, furotin ɗin bakteriya, na ƙuda, na yis, da guntayen daidaitawa masu kashi talatin ko arba'in waɗanda in aka nuna wa ɗalibi zai rubuta musu shafi guda na bayani. Mafi kyan E na kowane jeri yana yawo ne a kusa da 1, wani ƙasa kaɗan, wani sama, babu wanda ya doshi 1e-05. Haka lissafin ya ce: a kowane bincike a sa ran kusan guda ɗaya mai E ƙasa da 1, kusan goma masu ƙasa da 10.

Wannan ya nuna mini wani abu da ban yi tunaninsa ba. E na bincike guda ne. Idan na sa iyaka a 0.01 na yi bincike ɗari, sai in sa ran ɗaya na ƙarya. Wanda ya zuba furotin dubu ashirin a lokaci guda da iyakar 0.001, ya sa ran ashirin. Shi ya sa masu aikin ƙwayar halitta sukutum suke matsewa zuwa 1e-05 ko fiye, ba don lambar tana da wata albarka ba. Na kuma lura `blastp` na kwamfuta yana nuna komai har zuwa E 10 idan ba a hana shi ba, don haka gindin kowane fayil wurin zaman katari ne.

Litinin, 25 ga Agusta

Wata abokiyar karatuna da ke aiki a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, *Plasmodium falciparum*, ta zo da murna, wai furotin ɗinta da ba a san aikinsa ba ya sami dangi da E ƙarami sosai. Ta kashe gyaran nan na haruffa da `-comp_based_stats 0` don wani ya ce mata yana ɓoye sakamako. Na ce: "Yaya, buɗe daidaitawar mu gani, ba jadawalin ba." Layi ne na N a kan layin N, kuma yawancin dangin nata na *Dictyostelium* ne, wata halittar ƙasa da ita ma ta shahara da irin wannan maimaici.

Furotin ɗin wannan ƙwayar cike suke da dogayen layukan asfarajin. N a kan N maki 6 ne. Guda ashirin a jere sun ba da 120, wato bit kusan 51, sun fi abin da mayogulobin ya samu da gidaje sama da ɗari da arba'in. Lissafin Karlin da Altschul ya ginu ne a kan zaton cewa haruffa a gauraye suke gwargwadon yadda aka saba gani a furotin, kuma a kan haka matsakaicin makin haruffa biyu da aka ɗauko da ka yana ƙasa da sifili, shi ya sa daidaitawar banza take mutuwa da wuri. Idan jeri biyu duk N ne, wannan zaton ya rushe, E ɗin da aka buga lissafin wata duniya ce daban. Muka mayar da gyaran, muka ƙara `-seg yes` wanda ke rufe irin waɗannan wuraren, dangin suka watse. Ba ta ji daɗi ba, amma gara yanzu da ranar kare aiki.

Ke nan kuskuren yana da fuska biyu, kuma na ga kowacce cikin wata guda. Mayogulobin ɗan'uwa ne da E zai iya yi wa rowa. Layin N bare ne da E ya yi wa kyauta. Na farkon ba ƙaryar lissafi ba ce, hujja ce ba ta isa ba. Na biyun kuwa lissafin ne aka ɗora a inda bai dace ba, kuma ba a gane shi sai an buɗe daidaitawar an duba haruffan.

Laraba, 3 ga Satumba

Na dawo kan wake. Tsakanin beta da leghimogulobin abin da ya rage iri ɗaya bai kai kashi ashirin ba, kuma a wannan matakin jeri biyu da ba su haɗa komai ba ma, in aka ba su damar buɗe giɓi, suna iya kaiwa nan. BLOSUM62 yana yi wa kowane gida hukunci ɗaya: H a kan H maki 8 ne ko a ina yake. Amma a wannan dangin akwai histidin ɗin da ke riƙe da ƙarfen da oksijin ke kamawa, gida na 92 a beta idan ba a ƙirga M ba, wanda kusan ba ya canzawa, da fenilalanin na gida na 42 da ke tokare da shi, alhali wasu gidajen na bayan furotin kowa da abin da ya sa. PSI-BLAST, wanda ya fito a 1997, yana koyon wannan ne daga rumbun da kansa. Zagayen farko `blastp` ne na kullum. Daga nan sai ya tara duk waɗanda E ɗinsu ya yi ƙasa da iyaka, ya gina jadawalin da kowane gida ke da nasa makin, ya sake nema da shi.

```
psiblast -query hbb.fasta -db sprot -num_iterations 5 \
  -inclusion_ethresh 0.002 -max_target_seqs 5000 \
  -outfmt 7 -out psi.tsv
```

Mayogulobin ya yi tsalle zuwa sama tun a zagaye na biyu, kuma kafin a kai na biyar leghimogulobin sun shigo ƙasa da iyaka, har da P02238. Na buɗe daidaitawar, darasin makon jiya bai bar ni ba. Ta mamaye yawancin tsawon jerin, ba gutsure ba ce, babu layin harafi guda, kuma histidin ɗin ƙarfe ya sauka a kan histidin.

Na kai wa Malam, ya duba ya ce: "Madalla. Wannan E ɗin na zagaye na huɗu, tsakanin wa da wa ne?" Na ce tsakanin beta da leghimogulobin. Ya girgiza kai. Tsakanin leghimogulobin ne da jadawalin da aka gina daga ɗaruruwan jeri, kuma ingancinsa ya rataya a kan cewa duk waɗanda aka shigar a zagayen baya 'yan dangi ne na gaske. Idan bare guda ya tsallake iyaka a zagaye na biyu, zai shiga jadawalin, a na uku ya jawo 'yan'uwansa da E masu kyan gani, a na huɗu su zama su ne masu gida. Lambar ba za ta nuna wannan ba. Sai an bi sababbin shiga na kowane zagaye ɗaya bayan ɗaya an ga ko su wane ne.

Na fara bin su yau, na gama zagaye na biyu, duk gulobin ne. Saura na uku da na huɗu. Bayan nan zan juya binciken, in fara daga P02238 in ga ko hanya za ta dawo da ni kan P68871, kuma ta kan waɗanne jeri za ta bi. Sannan in nemo jerin na wake, *Vigna unguiculata*, in maimaita komai da shi, da rumbun nan na 4 ga Agusta ba wani sabo ba, don lambobin su gwadu da juna.